Lambar DOI da Adireshin Mujalla: Abin da Ɗalibi Zai Sa a Ƙarshen Manazarta

Duk lokacin da zangon ƙarshe ya gabato a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, za ka ga ɗalibai suna zarya tsakanin shagon buga takardu da ofishin malami mai duba aiki. Babi biyar sun kammalu, an sha wahalar tattara bayanai, sai kundi ya dawo da jan biro a shafukan manazarta. Yawancin gyaran nan ba a kan sunan marubuci yake ba, ba kuma a kan shekara ba. A wutsiyar layi yake, wurin da ake nuna wa mai karatu inda zai samo maƙalar da aka ambata. Wani ya liƙa adireshi mai layi huɗu da ya kwafo daga saman burauza, wani ya sa lambar da ba ta buɗe komai, wani kuwa ya rubuta Google kawai ya wuce abinsa.

DOI lamba ce da ake yi wa maƙala ɗaya rajista da ita, ba ta canzawa har abada. Adireshin shafin mujalla kuwa kwatancen inda maƙalar take ne a yau. Bambancinsu kamar na lambar katin ɗan ƙasa ne da kwatancen gida: mai haya zai iya tashi daga unguwa, kwatance ya tashi a banza, amma lambarsa tana nan. Idan mawallafi ya sauya shafi, ko wani kamfani ya sayi mujallar, sai a sabunta adireshin a rumbun rajista, lambar ta ci gaba da kai mutum sabon wurin. Yawancin mujallu suna yin rajistar ne ta hannun Crossref, wadda ta fara aiki a shekarar 2000.

Kowace DOI tana farawa da 10 da ɗigo, sai lambar mawallafi, sai karan tsaye mai karkata, sai abin da mawallafin ya zaɓa don bambanta maƙalar. Lambar 10.1038 ta mujallar Nature ce da 'yan uwanta. Lambar 10.4314 ta dandalin AJOL ce, wanda ke ɗauke da ɗimbin mujallun Afirka, ciki har da BAJOPAS ta Jami'ar Bayero da DUJOPAS ta nan Dutse. Saboda haka kada wani ya ɗauka DOI kayan mujallun Turai ne kaɗai.

Bari mu bi aikin ɗalibi guda. A ɗauka ɗan Garki ne, yana rubuta kundi kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukansu. Ya yi sa'ar batu, domin garinsu sananne ne a wannan fage a duniya baki ɗaya. Tsakanin 1969 da 1976, lokacin Garki tana cikin tsohuwar Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban bincike a can, aka yi feshin gidaje, aka raba magani, aka riƙa ɗibar jinin mutane ana dubawa. Ɗalibin nan yana da maƙala uku a hannu, kuma kowace da yadda za a ƙare layinta a tsarin APA bugu na 7, wanda sassa da yawa a manyan makarantunmu ke bi.

Ta farko ita ce ta Bhatt da abokan aikinsa, wadda ta fito a Nature a 2015, kan yadda yaƙi da cutar ya yi tasiri a Afirka daga 2000 zuwa 2015. Tana da DOI, don haka bayan sunayen marubuta da shekara da take, layin zai ƙare haka:

```
Nature, 526(7572), 207–211. https://doi.org/10.1038/nature15535
```

A lura da abin da babu a ciki. Babu adireshin shafin Nature, ko da daga can ya sauke ta, domin idan maƙala tana da DOI da adireshi duka biyu, DOI kaɗai ake sawa. Babu ranar da ya buɗe ta. Babu ɗigo a ƙarshe, saboda ɗigon kan manne da lambar ya hana ta buɗewa. Ko da kwafin takarda ya karanta a laburare, bai taɓa ganin ta a intanet ba, zai sa lambar. Wanda ya koyi aiki a tsohon kundin yayansa zai ga ana rubuta `doi:` a gaba, ko `Retrieved from` kafin adireshi. Salon bugu na 6 ne wannan, kuma tun da bugu na 7 ya fito a ƙarshen 2019 aka bar shi. Kwafar tsari daga tsofaffin kundaye ita ce ke jefa ɗalibai da yawa cikin haɗa salo biyu a shafi ɗaya.

Ta biyu ta fi ban sha'awa, don a Garki aka haife ta. Dietz da Molineaux da Thomas ne suka rubuta ta a 1974, suka gwada lissafin yaɗuwar cutar da alƙaluman da aka tara a ƙauyukan yankin, kuma har yau masana suna ambaton ta. Ba ta da DOI. Ana samun ta kyauta a rumbun PubMed Central, amma asalinta bugun takarda ce mai kundi da lamba da shafi, waɗanda suka isa a nemo ta a ko'ina. Layinta zai tsaya a lambar shafi:

```
Dietz, K., Molineaux, L., & Thomas, A. (1974). A malaria model tested
in the African savannah. Bulletin of the World Health Organization,
50(3–4), 347–357.
```

Nan ne ɗalibi kan ruɗe. Ya ga sauran layuka suna da lamba, wannan babu, sai ya ji kamar aikin bai cika ba, ya ɗauko wata lambar da ya gani a shafin ya liƙa mata `https://doi.org/` a gaba. Lambar PMID ta rumbun PubMed ce, ba DOI ba ce. ISSN kuwa, mai alƙaluma takwas da ƙaramin kara a tsakiya, ta mujallar ce gaba ɗayanta, ba ta maƙala ba. Duk wadda aka liƙa a cikinsu, mai dubawa zai danna ya tarar da `DOI NOT FOUND`, daga nan kuma ya fara zargin sauran manazartar. Gara layi ya ƙare babu lamba da ya ƙare da ta ƙarya. Amma kada a yanke hukunci da shekaru kawai, a ce tsohuwa ce ba za ta samu ba. Maƙalar Watson da Crick ta 1953 tana da DOI, domin Nature ta koma baya ta yi wa tsofaffin fitowarta rajista. Hanyar tabbatarwa ita ce a shiga `search.crossref.org` a rubuta taken maƙalar, a kuma duba shafinta na farko, sama da ƙasa.

Ta uku ita ce mai wahala, kuma irinta ta fi yawa a kundayenmu. Maƙala ce a mujallar wata tsangaya, ba ta da DOI, ba ta cikin wani babban rumbu, babu inda take sai shafin mujallar. A nan dole a sa adireshi, kuma adireshin maƙalar kanta, ba na ƙofar shiga mujallar ba. A mujallu masu amfani da manhajar OJS, adireshin da ya dace shi ne mai `/article/view/` da lamba a bayansa, wanda ke nuna take da marubuta da tsakure. Kada a kwafo mahaɗin sakamakon binciken Google, ko adireshin da ya bayyana bayan an shiga da kalmar sirri, ko sunan fayil ɗin da aboki ya turo ta WhatsApp. Gwaji mai sauƙi shi ne a tura adireshin zuwa wayar wani, a ga ko zai buɗe masa maƙalar kai tsaye.

Matsalar ita ce irin wannan adireshi yana mutuwa. Edita ya sauka, ba a biya kuɗin sabunta sunan shafi ba, ko makaranta ta sake tsarin shafinta gaba ɗaya, shi ke nan. Ɗalibi ya rubuta daidai, amma kafin ranar kare kundi shafin ya ɓace, kuma shi za a tambaya. Don haka ranar da ka samu maƙalar, ka sauke ta ka adana, ka rubuta kundi da lamba da shafuka daga jikin takardar, domin su ne za su rage idan adireshin ya tafi. Sannan ka shiga `web.archive.org`, ka liƙa adireshin a akwatin `Save Page Now`, rumbun ya ajiye hoton shafin yadda yake a ranar. Aikin ba ya cin minti biyu, ba ya kuma cin data mai yawa. Ranar buɗewa ba dole ba ce ga maƙalar mujalla, tunda rubutunta ba ya sauyawa bayan an wallafa.

Akwai wani kuskure da na fi jin tsoro, wanda har wasu malamai sun faɗa ciki: ɗaukar DOI a matsayin shaidar inganci. Ba haka ba ne. Rajista ce ake biya, kusan dala 1 kan kowace sabuwar maƙala, ban da kuɗin zama memba na shekara. Mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga komai cikin mako guda ba tare da tantancewar masana ba, ita ma tana iya samun lamba. Ga kuma maƙalar Garki da ba ta da ita, amma ta fi dubbai masu ita daraja. Malamin da ya ce a cire duk abin da ba shi da DOI ya hana ɗalibi ambaton mafi muhimmancin aikin da aka taɓa yi a garinsu, tare da yawancin mujallun nazarin Hausa da ake bugawa a sassan jami'o'inmu.

Ita ma lambar gaskiya takan lalace a hanya. Idan aka kwafo ta daga PDF inda ta karye zuwa layi biyu, tazara kan shiga tsakiya. Mai buga takarda a shago kan mai da sifili harafin O, ko 1 ya koma ƙaramin L. Wani lokaci kuma lambar tana buɗewa lafiya lau, sai dai maƙalar wani ce daban, saboda an kwafo ta daga layin sama ko na ƙasa a manazartar wani kundi. Wannan ya fi muni, don ido ba ya kama shi sai an danna.

Kafin ka kai kundi a ɗaure, ka karɓi kwafin ƙarshe daga mai buga takarda, ka danna kowace lamba da kowane adireshi ɗaya bayan ɗaya, ka gwada take da sunan marubuci da shekara da abin da ka rubuta. Idan sashenku yana da takardar ƙa'idarsa, ita ce gaba da duk abin da aka faɗa nan, ka nema a wurin mai kula da kundaye tun kafin ka fara babi na biyu. Editocin mujallun tsangayoyinmu na Jigawa kuwa, waɗanda har yanzu shafinsu kaɗai suka dogara da shi, muna roƙon su nemi shiga AJOL ko su yi rajista da Crossref.