"Me zan ce masa?" Yadda za ka karanta sikirinshot kafin ka ba da shawara

A ce abokinka tela a Wusasa ya makara da ɗinkin biki. Ya ba da haƙuri a WhatsApp, mai kaya ya rubuto: "Ba komai." Sai ya turo maka sikirinshot: me zan ce?

Fara neman saman hirar. Idan mutumin ya saba sallama da tambayar aiki, yau kuma kalma biyu kacal, to akwai komai.

Sikirinshot ba ya nuna lokacin da aka karanta saƙo. Abokinka ya danne saƙonsa ya buɗe Info. Idan an karanta da safe, amsa sai bayan la'asar, wataƙila an fusata. Kwastoma ake shirin rasawa: ya kira shi, ya faɗi ranar kawo kaya.