Auna Filin da Iyakarsa Ta Lanƙwashe

Fili mai kusurwa huɗu ba ya ba mai awo wahala: tsawo sau faɗi, an gama. Rigimar tana tashi ne idan ɗaya daga cikin iyakokin ta lanƙwashe, har igiyar awo ta rasa inda za ta kwanta daidai.

Mu ɗauki layuka biyu a takardar giraf. Na farko miƙaƙƙe ne, y = 2x. Na biyu lanƙwasasshe ne, y = x², wanda ake kira farabola. Kafin komai sai a nemo inda suka haɗu, domin nan ne fili ya fara, nan kuma ya ƙare. Idan aka daidaita su, 2x = x², za a ga sun haɗu a x = 0 da x = 2. A tsakani, miƙaƙƙen ne a sama: a x = 1 ya kai 2, ɗan'uwansa kuwa 1 kacal.

Dabarar ita ce a tsaga filin siri-siri daga sama zuwa ƙasa, kamar kunyoyin gona. Tsawon kowace tsaga shi ne na sama a cire na ƙasa, wato 2x − x². Idan aka yi tsaga biyu, ana auna tsawon kowace a tsakiyarta, jimilla ta ba da 1.5. Tsaga huɗu kuwa ta ba da 1.375. Duk yadda tsagogin suka ƙara siranta, amsar tana ƙara matsowa kusa da wani adadi guda, kuma intigireshan shi ne hanyar cafke adadin nan kai tsaye. Intigireshan na 2x − x² shi ne x² − x³/3. A x = 2 ya ba da 4 − 8/3, a x = 0 babu komai. Girman filin ke nan 4/3.

Archimedes na birnin Syracuse ya san wannan amsa tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, tun kafin Newton da Leibniz su zo da kalkulas a ƙarni na 17. Ya nuna cewa irin wannan yanki na farabola ya kai kashi 4/3 na alwatika mafi girma da ke cikinsa. A nan alwatikar tana da kusurwoyi a (0,0), (1,1) da (2,4), girmanta kuwa 1 cif.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne idan layukan suka gitta juna a tsakiya. Tsakanin y = x da y = x³, daga −1 zuwa 1, mai gaggawa zai sami sifiri, alhali ga fili nan ƙiri-ƙiri a takarda. Abin da ya faru, a hagu x³ ne a sama, a dama kuma x, sai ɓangaren ɗaya ya cinye ɗayan. Maganin abin a raba lissafin a x = 0, kowane ɓangare ya ba da 1/4, jimilla 1/2. Haka nan idan amsa ta fito da alamar ragi, an kifar da layukan ne, an cire na sama daga na ƙasa.