Kiriyatin da Lafiyar Hanta: Abin da Bincike Ya Nuna

Kiriyatin sinadari ne da jikin mutum yake ƙerawa da kansa, kuma hanta ce take kammala haɗa shi. Ƙoda takan fara aikin, ta tura abin da ta haɗa cikin jini, sannan hanta ta ƙarasa, a samu kimanin giram 1 a kowace rana. Sauran abin da jiki ke buƙata yana zuwa ne daga nama da kifi, inda kilo guda na ɗanyen naman sa ke ɗauke da giram 4 zuwa 5. Kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke jiki yana ajiye ne a tsoka, wadda ke amfani da shi idan aikin ƙarfi ya taso farat ɗaya, kamar ɗaga ƙarfe ko gudun tsere. Garin da 'yan motsa jiki ke saye a roba wannan sinadarin ne dai, kuma yawanci giram 3 zuwa 5 ake sha a rana.

A kan masu lafiya, shaidar tana da ƙarfi. A shekarar 2003 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka, inda aka bi 'yan wasan jami'a masu shan kiriyatin har tsawon wata 21, ba a kuma ga wani bambanci a gwajin hantarsu da na waɗanda ba su sha ba. Sai dai waɗannan samari ne majiya ƙarfi masu lafiyayyar hanta, don haka ba a ɗauko sakamakonsu a ɗora wa mai ciwo kai tsaye.

Abin da aka sani game da kitsen hanta, yawancinsa daga ɓerayen gwaji ya fito. A 2011, Rafael Deminice da abokan aikinsa sun ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo na mako uku. Waɗanda aka haɗa musu da kiriyatin, kitse bai taru a hantarsu ba kamar yadda ya taru a ta sauran. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne, ƙera kiriyatin yana cinye kaso babba na wani sinadarin da hanta ke buƙata wajen fitar da kitse zuwa jini, to idan kiriyatin ya shigo ta baki sai hanta ta sami rara. Amma a 2019, wani gwajin da aka yi a Burazil ya nuna cewa a jikin ƙananan ɓerayen da ake ba barasa, kiriyatin ƙara lalata hantar ya yi. Darasi biyu ke nan. Mai shan giya ba shi da hujjar ɗaukar kiriyatin a matsayin kariya, kuma hana kitse taruwa a jikin ɓera ba daidai yake da warkar da mutumin da kitse ya riga ya kama hantarsa ba. Abin da aka tabbatar yana rage kitsen hanta a jikin mutum shi ne motsa jiki da sauke kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyi.

Shi kuwa wanda ya taɓa yin ciwon hanta, sai an fara sanin wane iri ya yi. Nau'in A yakan zo da shawara ya wuce, hanta ta koma daidai. Nau'in C ana warkar da shi da magani, amma tabon da ya riga ya bari yana iya zama. Nau'in B shi ne mai ruɗi, domin mutum na iya cewa ya warke tun da idonsa ya daina rawaya, alhali ƙwayar cutar tana nan daram. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano cutar a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, kuma gwajin HBsAg ne ke nuna ko tana nan.

A kitsen hanta da ciwon hanta duka, abin dubawa shi ne yawan tabon da ke jikin hantar. Likitoci kan fara da wani lissafi mai suna FIB-4, wanda ke amfani da shekarun mutum, da gwajin AST da ALT, da adadin filatilet, wato ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare:

```
FIB-4 = (shekaru × AST) ÷ (filatilet × √ALT)
```

A ɗauki mutum mai shekara 40 da hoton ciki ya nuna yana da kitsen hanta, AST ɗinsa 30, ALT 49, filatilet 250. Lissafinsa zai ba da kusan 0.7. Ga mai kitsen hanta, duk abin da bai kai 1.3 ba yana nuna da wuya a ce tabon ya yi nisa, don haka idan ƙodarsa lafiya take, kuma likitansa ya amince, giram 3 zuwa 5 a rana ba abin tayar da hankali ba ne. Wani kuma mai shekara 52, AST 60, ALT 64, filatilet 130, nasa zai ba da 3.0, wanda ya haura iyakar 2.67. Wannan awon taurin hanta yake buƙata, ba garin motsa jiki ba. Wanda hantarsa ta riga ta ƙeƙashe, ko cikinsa ke tara ruwa, ya kamata ya bar kiriyatin gaba ɗaya.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar masu nau'in B, kuma a takardar gwaji take bayyana. Kullum wani ɗan kaso na kiriyatin yana rikiɗa ya zama kiriyatinin, wanda ƙoda ke fitarwa, kuma da shi ake auna lafiyar ƙoda. Shan garin na iya ɗaga wannan adadi ba tare da ƙodar ta sami lahani ba. To ga shi maganin tenofobir da ake ba masu nau'in B yana iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake bibiyar kiriyatinin ɗinsu. Idan majiyyaci bai faɗa wa likita yana shan garin ba, ana iya zargin maganin a rage shi ko a sauya shi a banza. Idan kuma an san yana sha, ana iya ɗora wa garin laifin hauhawar da a gaskiya maganin ne ya jawo. Hanyar rarrabewa ita ce a yi gwaji tun kafin a fara sha, kuma idan adadin ya hau, a dakata na 'yan makonni a sake aunawa, ko a yi gwajin sistatin C, wanda kiriyatin ba ya shafa.

Ɗaga ƙarfe shi kansa yana ɗaga AST da ALT har na kusan mako guda, musamman ga sabon shiga, domin tsoka ma tana fitar da su. Idan gwajin CK ya hau sosai tare da su, alhali GGT da bilirubin suna daidai, zargi ya fi karkata ga tsoka. Saboda haka an fi so a huta daga atisaye mai tsanani na mako guda kafin a ba da jini.

'Yan rahotannin asibiti da suka danganta kiriyatin da lalacewar hanta, yawanci masu ciwon sun haɗa shi ne da wasu kayan gina jiki. Magungunan ƙara tsoka na sitiroyid kuwa an tabbatar suna toshe kwararar ruwan ɗaci a hanta, kuma akan same su a ɓoye cikin wasu garuruwan da ake tallatawa da sunan saurin gina ƙirji. Wanda zai sha, ya nemi wanda kiriyatin ne zalla, ya kuma bar tsarin nan na giram 20 a rana a makon farko, tun da ƙaramin awo ma yana cika tsoka cikin kamar wata guda. Ƙarin kilo 1 zuwa 2 a farko ruwa ne da tsoka ta riƙe. Amma rawayar ido, ko fitsari mai duhu, ko farar bayan gida, ko ƙaiƙayi a duk jiki, ko kumburin ciki da ƙafa, kowanne daga cikinsu dalili ne na daina sha nan take a tafi asibiti, tare da robar garin domin a duba abin da ke cikinta.