Shafi Ɗaya, Magana Ɗaya: Rage Rubutu a Shafukan Neman Jari

A shekarar 2015 kamfanin DocSend ya duba yadda masu zuba jari ke karanta shafukan da sababbin kamfanoni 200 suka aika musu, ya gano cewa a matsakaici mintuna 3 da daƙiƙa 44 suke ba kowane kundi. Idan kundin na da shafi goma sha biyar, kowane shafi daƙiƙa goma sha biyar ke nan ya samu. A cikin wannan ɗan lokaci mutum ba zai karanta sakin layi uku ba. Zai kai ido kan rubutun da ya fi girma, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya wuce.

Kundin da ake magana a kai shi ne ’yan harkar ke kira fic dek: jerin shafuka da ake haɗawa a PowerPoint ko Google Slides, a haska a bango ko a tura ta imel, don a nuna wa mai kuɗi dalilin da zai sa ya saka jarinsa. Matsalar masu rubuta shi kusan iri ɗaya ce. Sun san kasuwancinsu ciki da bai, sun sha wuya a kansa, don haka duk abin da aka ce su cire sai su ji kamar an tauye musu haƙƙi.

Kundin da aka fi kafa misali da shi shi ne na Airbnb, tun yana ƙaramin kamfani a San Francisco mai suna AirBed & Breakfast, kafin Sequoia Capital ya jagoranci zuba masa dala 600,000 a 2009. Shafin farko jimla ɗaya ce: ka kama ɗaki a gidan mutanen gari maimakon otal. Shafin da ke bayyana yadda za su samu kuɗi shi ma kansa jimla ɗaya ce, cewa suna ɗaukar kashi 10 cikin ɗari na kowane ciniki. Amma shafin matsala layi uku ne: farashi na damun matafiya, otal na raba baƙo da rayuwar gari, kuma babu hanya mai sauƙi ta samun ɗaki a gidan wani. A lura, layukan uku duk wuri ɗaya suka nufa. Wato ba a ce lallai shafi ya zama jimla ɗaya ba. Abin da ake so shi ne wanda ya gani ya tashi da magana ɗaya a kansa.

Bari mu ƙaddara wani kamfani, na misali kawai, da ke hayar ɗakin sanyi ga dillalan tumatir. A shafinsa na biyar an sa kai “Ci Gabanmu”, a ƙasa kuma an jera: an kafa mu shekaru biyu da suka wuce, muna da ma’aikata tara masu himma, kwandunan da ake ajiyewa a wata sun tashi daga 400 a Janairu zuwa 1,600 a Afrilu, muna amfani da hasken rana, muna karɓar naira 500 kan kowane kwando a kwana, muna shirin buɗe reshe na biyu. Magana shida ke nan, kuma wadda ta fi tsoka an binne ta a layi na uku.

Gyaran yana farawa da tambaya: idan mai jari zai manta da komai a shafin nan ban da abu ɗaya, wanne muke so ya riƙe? Amsar ita ce kwanduna. To ita za ta hau sama ta zama kan shafi, a matsayin cikakkiyar jimla: “Kwandunan da muke ajiyewa sun ninka huɗu daga Janairu zuwa Afrilu.” Wannan ne aikin da ya fi kowanne amfani. Kai irin su “Ci Gabanmu” ko “Kasuwa” suna faɗin batun da ake ciki ne kawai, sun bar wa mai karatu wahalar gano hukunci. Jimla kuwa ta yanke hukuncin, sauran shafin ya zama shaida. A nan shaidar zane ne mai sanduna huɗu, ɗaya ga kowane wata, da adadin a kan kowace sanda. Shi ke nan.

Sauran biyar ba duka za a zubar ba, kowanne da gidansa. Naira 500 ta koma shafin yadda ake samun kuɗi. Reshe na biyu ya koma shafin ƙarshe, inda ake faɗin nawa ake nema da abin da za a yi da shi. Hasken rana ya tafi shafin da ke bayyana yadda ɗakin ke aiki. Ma’aikata tara su je shafin masu tafiyar da kamfani, amma “masu himma” ta faɗi, domin babu wanda zai rubuta cewa ma’aikatansa ragwaye ne. Duk siffar da abokin gasarka ma zai iya liƙa wa kansa, kamar “ingantacce” ko “na zamani”, wuri kawai take ci. Shekarar kafuwa kuwa a faɗa da baki.

Akwai tarko a nan. Rage rubutu na iya zama ɓoye gaskiya ba da niyya ba. Janairu zuwa Afrilu lokacin tumatirin rani ne, kasuwa a cike. Da an rubuta “mun ninka huɗu” kawai, mai jarin da ya san harkar zai tambaya: da damina fa? Idan ya ji an yi masa rufa-rufa, sauran shafukan ma ba zai yarda da su ba. Shi ya sa aka bar sunayen watanni a cikin jimlar. Adadi yana buƙatar abin da aka ƙirga da kuma lokacin da aka ƙirga shi, waɗannan ba a taɓa su komai son taƙaitawa. Lissafin shekara gaba ɗaya sai a ajiye shi a rataye, a bayan kundin, a buɗo idan an tambaya.

Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki a Apple kafin ya shiga harkar zuba jari, ya shahara da ƙa’idar 10/20/30: shafi goma, mintuna ashirin, haruffa kada su gaza lamba 30 a girma. A ganina ta ukun ce mai amfani a wannan aiki. Idan rubutu ya ƙi shiga shafi a lamba 30, hannu kan yi saurin rage girman haruffa zuwa 18. Kada a yi. Alama ce ta cewa magana biyu ce ke cunkushe, sai a raba ko a yanke. Shafi goman kuwa ba wahayi ba ne. Gara shafi goma sha uku masu sauƙin gani da goma masu kama da jarida.

Kundin da za a tura ta imel ya ɗan bambanta, tunda babu mai jawabi a gefe. A can ana iya ƙara layi ɗaya ko biyu na bayani a ƙarƙashin zane, amma kan shafin ba ya canzawa.

Bayan an gama, a kwafe kanun shafukan kaɗai a jera su a takarda ɗaya, a karanta daga sama zuwa ƙasa. Ya kamata su ba da labarin kamfanin ba tare da taimakon komai ba: ga matsala, ga magani, ga shaida, ga abin da muke nema. Inda aka ga “kuma” ta haɗa da’awa biyu a kai ɗaya, shafi biyu ne. Inda kanu biyu suka faɗi abu guda, ɗaya ya tafi. Sannan a nuna wa wanda bai san kasuwancin ba kowane shafi na ’yan daƙiƙu, a rufe, a ce ya faɗi abin da ya gani. Idan ya ce “kwanduna sun ninka huɗu”, a wuce gaba. Idan ya ce “wani abu ne dai game da hasken rana”, a koma kan shafi na biyar.