Hawa da sauka: yadda ake gano lanƙwasa da saɓani a na'urar awon matsi

A jikin bututun ruwa na masana'anta, ko tukunyar tururi, ko tankin iskar gas, akan ga wata 'yar na'ura mai kamar gwangwani an ɗaure ta da zare, da waya ta fita daga bayanta. Ita ce taransdiyusa. Aikinta ta karɓi matsin da ke cikin bututun ta mai da shi lantarki, don a karanta a allo daga nesa. A cikinta akwai siririn faifan ƙarfe da matsi ke turawa, an kuma manna masa wasu 'yan wayoyi masu jin miƙewa. In faifan ya ɗan lotsa, wutar da ke fita sai ta canza.

Wadda aka fi gani ita ce mai fitar da 4 zuwa 20 mA, wato miliamfiya. Mu ɗauki wadda aka yi don matsi daga 0 zuwa 10 bar. In ba matsi, za ta ba da 4 mA. In matsi ya kai ƙarshe, 20 mA. Tazarar 16 mA ke nan, kuma lafiyayyiyar na'ura za ta raba ta daidai wa daida: 8 a kwata, 12 a rabi, 16 a kashi uku cikin huɗu. In aka zana wannan a takarda, miƙaƙƙen layi zai fito.

Masu aiki da yawa suna duba ƙasa da sama kawai. Sun ga 4, sun ga 20, sai su sa hannu su ce ta yi. Wannan gwaji bai isa ba, domin cututtuka biyu da suka fi damun irin wannan na'ura duk a tsakiya suke ɓuya, ɗaya daga cikinsu ma ba ta fitowa sai an sauko.

Ga yadda ake yin gwajin da kyau. Ana haɗa na'urar da famfon gwaji da ma'aunin da aka amince da shi, wanda ake so ya fi ta daidaito kamar sau huɗu. A ɗakunan gwaji akan yi amfani da ma'auni mai fistin da ake ɗora wa duwatsun awo. Kafin a rubuta komai, sai a kai matsi ƙarshe a sake shi, kamar sau uku, don faifan ya warware. Daga nan a fara hawa daga 0, ana tsayawa a kowane mataki ana rubutawa, har a kai 10, sannan a sauko ta matakan nan dai.

A ce a hawa an samu 4.00, sai 8.03, sai 12.04, sai 16.03, sai 20.00. A sauka kuma an samu 16.07 a 7.5 bar, 12.10 a 5 bar, 8.07 a 2.5 bar, da 4.01 bayan an saki matsi gaba ɗaya.

Mu tsaya a 5 bar. Matsin ɗaya ne, amma na'urar ta ba da amsa biyu: 12.04 da ta zo daga ƙasa, 12.10 da ta zo daga sama. Wannan saɓani shi injiniyoyi ke kira histeresis. Kamar sitiyarin mota ne da ya yi sako-sako: inda tayar take ya danganta da ɓangaren da aka murɗo daga gare shi. Ƙarfen faifan, da gam ɗin da ke riƙe da wayoyin, ba sa komawa yadda suke nan take bayan an lanƙwasa su, shi ya sa karatun sauka yakan ɗara na hawa. Lissafinsa mai sauƙi ne. A cire na hawa daga na sauka a kowane mataki, a ɗauki mafi girma. A nan 0.06 mA ne. In aka raba shi da 16, an samu kusan kashi 0.38 cikin ɗari na dukan tazarar, wato kusan 0.04 bar.

Cuta ta biyu ita ce lanƙwasa, wato kauce wa miƙaƙƙen layi. Don a raba ta da ta farko, sai a ɗauki tsaka-tsakin hawa da sauka a kowane mataki. A kwata ya zama 8.05, a rabi 12.07, a kashi uku cikin huɗu 16.05. Duka sun haura inda ya kamata su tsaya, kuma haurawar ta fi yawa a tsakiya, layin ya yi doro. Dalili shi ne faifan ba ya lotsawa daidai gwargwado tun daga farko har ƙarshe. Doron a nan 0.07 mA ne, kusan kashi 0.44 cikin ɗari.

Yanzu a ce mai amfani da na'urar ya yarda da kuskuren da bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, wato 0.08 mA. Wanda ya yi hawa kaɗai, babban kuskuren da zai gani 0.04 ne, zai ce ta ci jarrabawa da sauƙi. Wanda ya sauko zai ga 0.10 a tsakiya, ya san ta faɗi. Matsin bututu kuwa a wurin aiki hawa yake yi yana sauka duk yini.

Akwai abin lura a takardun masu ƙera na'urorin. Wani yana auna lanƙwasa daga layin da ya haɗa ƙasa da sama, kamar yadda muka yi. Wani kuma yakan ja layin ta tsakiyar doron, inda za a rubuta BFSL. Da wannan hanyar, 0.44 ɗin namu zai koma kusan 0.22, alhali na'urar ba ta canza ba. Mai saye ya duba wane layi aka yi amfani da shi kafin ya kwatanta lambobin kamfani biyu.

Hannun mai gwaji ma yana iya ƙirƙiro saɓanin ƙarya, ko ya ɓoye na gaske. Babban kuskure shi ne wuce mataki. In kana hawa zuwa 5 bar ka zarce zuwa 5.4 sannan ka dawo, wannan karatu ba na hawa ba ne kuma, ka gurɓata shi, sai dai ka koma ƙasa ka sake. Gaggawa ma tana ɓata aiki. Iska tana ɗumama idan aka matse ta, tana sanyi idan aka sake ta, saboda haka matsin yakan ci gaba da motsi na ɗan lokaci. A jira lambar ta tsaya, kuma a yi jira iri ɗaya a kowane mataki. In lambar ma'aunin tana ta raguwa ba ta tsayawa, a nemi yoyo a mahaɗai tukuna. Hanyar tabbatarwa ita ce a maimaita zagayen. Saɓani na gaske zai sake fitowa a wuri ɗaya da girma kusan ɗaya. Wanda ke yawo daga zagaye zuwa zagaye, a fara zargin kayan gwajin da yadda aka yi shi.

Sukurorin saiti biyu da ke jikin na'urar, na ƙasa da na tazara, ba sa maganin ko ɗaya daga cikin cututtukan nan. Suna ɗaga layin ne ko su karkata shi. Lanƙwasa tana da sauƙi, tunda kullum hanya ɗaya take bi: ana iya gyara ta da lissafi a cikin na'urar ko a kwamfutar da ke karanta ta. Saɓanin hawa da sauka ba ya gyaruwa haka, don lissafin bai san daga ina matsin ya fito ba. In ya ƙaru fiye da na gwajin bara, ko karatun ƙasa ya ƙi komawa kusa da 4 bayan an saki matsi, alama ce faifan ya taɓa shan matsin da ya fi ƙarfinsa, ko ya gaji. Irin wannan na'ura canza ta ake yi.

Duk wanda aka miƙa wa takardar gwaji ya duba ko akwai jerin lambobi biyu, na hawa da na sauka. In ɗaya ne kawai, ya mayar da ita a ƙarasa aikin.