Cire Murya Daga Kiɗa: Abin da Na'ura Ke Iyawa da Inda Take Cijewa

A situdiyo, waƙa ba ta zuwa a dunƙule. Mawaƙi yana da layinsa, ganga tana da nata, haka fiyano da jita da 'yan amshi. Sai an gama ɗauka mai haɗa sauti ya zuba su wuri guda, ya fitar da fayil ɗin da ke yawo a wayoyinmu. Daga nan ta zama kamar fura da nono bayan an dama. Yau kuwa makaɗin biki yana son kiɗa zalla don amarya ta hau kai, wani kuma yana son baitocin kaɗai domin shi ba ya sauraron kiɗa, kuma dukkansu abin da ke hannunsu damammiyar furar ce.

Da can akwai wata dabara. A waƙar da ke da ɓangaren hagu da dama, yawanci ana ajiye muryar a tsakiya, wato ƙarfinta ɗaya a kunnuwa biyu. In aka ɗebe sautin dama daga na hagu, duk abin da ke tsakiya sai ya ɓace. Matsalar ita ce babbar ganga da jitar bes su ma a tsakiyar suke zama, don haka su kan bi muryar su tafi, a bar mutum da kiɗa marar gindi. Kuma dabarar ba ta ba ka muryar ita kaɗai.

Abin ya sauya a ƙarshen 2019, lokacin da kamfanin Deezer na Faransa ya saki manhajar Spleeter kyauta, masu bincike na Facebook kuma suka fito da Demucs. Yadda Spleeter ke aiki shi zai nuna mana tushen duk gazawar. Tana yanka waƙar gutsi-gutsi, kowane guntu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, ta shimfiɗa shi kamar tabarma mai gidaje dubbai: tsawo lokaci ne, faɗi kuma kaurin sauti ko sirancinsa. A kowane gida sai ta yi hasashe: nan kashi 80 cikin ɗari murya ce, 20 kiɗa, can kuma kiɗa ne zalla. Da wannan rabon take gina fayil biyu. Ba tono muryar asali take yi ba, kintace take yi. Idan murya da goge suka sauka gida guda a lokaci guda, babu wata alama da ke cewa wannan na wane ne.

Kintacen kuma daga karatu yake fitowa. Ana koyar da irin waɗannan manhajoji da waƙoƙin da aka riga aka mallaki layukansu a rarrabe. Shahararren kundin da masu bincike ke gwaji da shi, MUSDB18, waƙoƙi 150 ne kacal, 100 na koyo, 50 na jarrabawa, akasarinsu irin kiɗan Turawa. An kasa kowace gida huɗu: murya, ganguna, bes, da "sauran". Kamfanoni suna ƙarawa da nasu tarin waƙoƙin, amma rabon huɗun nan shi ya zama ƙa'ida. Duk abin da ba ta gane ba, sai ta cusa shi inda ya fi kama.

To, mu ɗauki tsohon kaset na waƙar kalangu, irin ta zamanin Mamman Shata, wanda wani ya mayar MP3 tun shekarun baya. Mai kwamfuta da ya girka Demucs zai rubuta:

```
demucs --two-stems=vocals waka.mp3
```

Bayan ɗan lokaci zai sami fayil biyu, `vocals.wav` na murya da `no_vocals.wav` na sauran. In ya kunna su ta lasifikar waya zai ce abin ya yi. Sai ya sa abin ji a kunne ne aibin zai bayyana.

Kalangu ganga ce mai magana. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, sautin ya hau ya sauka yana bin karin harshen Hausa, kuma a tsayin da bai yi nisa da muryar namiji ba. Ga manhajar da ta saba da gangunan da ba sa canza murya, wannan abu ne mai rikitarwa. Don haka a fayil ɗin murya, duk inda mawaƙi ya ja numfashi, ana iya jin ɓurɓushin kalangu yana leƙowa yana komawa. Goge da kukuma sun fi wahala ma, domin jan izgarsu yana kama da kukan mutum, sau da yawa kuma karin mawaƙin suke bi sau da ƙafa. 'Yan amshi kuwa babu zancen raba su da shi a wannan tsarin: murya murya ce, duk gida ɗaya za a zuba su.

A wurina, wurin da ya fi tona asirin aikin shi ne haruffa masu huci, wato "s" da "sh" da "ts". Waɗannan ba su da kari, iska ce kawai siririya, kuma a saman tabarmar nan suke zama tare da ƙarar kacau-kacau da shuuu ɗin kaset. Manhajar kan ɗauke su a matsayin kiɗa, sai ka ji mawaƙi kamar mai wushirya babba, a ɗaya fayil ɗin kuma ka ji "s" ɗin nasa na tsalle shi kaɗai cikin ganguna. Tsarin Spleeter na asali ma yana yanke duk abin da ya haura kusan 11 kHz, shi ya sa muryar ke fitowa a dushe. Sai kuma wani sauti kamar ana waƙa a ƙarƙashin ruwa, wanda ke faruwa idan gidajen tabarmar suna buɗewa suna rufewa ba a jere ba. Ga kuma amsa-kuwwar ɗaki ko wadda aka ƙara a situdiyo: muryar ta tafi, inuwarta ta rage a cikin kiɗa, tana maimaita baitin can ƙasa-ƙasa. Mawaƙan zamani da ke cika wannan gishiri su ne suka fi barin irin wannan fatalwa.

Fayil ɗin da aka fara da shi ma yana da nasa laifin. MP3 yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da sautin da kunne ba zai lura da shi ba saboda wani mai ƙarfi ya danne shi. Da zarar ka ɗauke mai dannewar, ramukan sai su fito fili. Waƙar da ta bi ta wayoyi ana matse ta sau biyu ko uku ta riga ta yi asarar da babu manhajar da za ta maido. Kaset mai layi ɗaya, marar hagu da dama, ya kuma hana na'urar wata alamar da take dogaro da ita. Saboda haka wanda ke da kaset ɗin a hannu gara ya sake kwafe shi zuwa WAV kafin ya fara komai.

Duk da haka, hukuncin ya danganta da abin da za a yi da sakamakon. Muryar da ta yi ruwa-ruwa ita kaɗai takan zauna daidai idan aka ɗora mata sabon kiɗa, domin kiɗan zai rufe ramukan. Haka aka yi da waƙar Beatles mai suna "Now and Then". John Lennon ya ɗauke ta a kaset a gidansa a ƙarshen shekarun 1970, fiyano na danne muryarsa. Sauran abokansa sun gwada kammala ta a 1995 suka haƙura. Sai da ma'aikatan Peter Jackson suka zo da manhajar da suka ƙera lokacin aikin fim ɗinsu kan ƙungiyar, wadda aka horar da muryoyin mutanen, sannan aka zare muryar, waƙar ta fito a Nuwamba 2023. Kayan kiɗa ɗaya ne aka raba shi da shi a kaset ɗin, kuma da aka gama, an lulluɓe muryar da jita da ganguna da gogen Turawa kafin kowa ya ji ta.