Mafi Ƙarancin Biya a Katin Bashi: Inda Ruwa Ke Shigowa

Mai katin bashi a Amurka ya yi sayayyar dala 1,000, takardar wata ta iso ɗauke da adadi biyu: jimillar bashin, da mafi ƙarancin abin da banki zai karɓa, a ce dala 35. Idan ya biya duka kafin ranar da aka yanke, ba ya biyan ko sisin ruwa. Wannan ne wa'adin sassauci, kuma dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a aika takardar aƙalla kwana 21 kafin ranar biya.

To, idan dala 35 kawai ya bayar fa? Ya tsira daga tarar jinkiri, sunansa bai ɓaci ba, amma sassaucin ya tafi. A ce ruwan kashi 24 cikin ɗari ne a shekara, wato kusan kashi 2 a wata: ragowar dala 965 za ta haifi kusan dala 19, don haka fiye da rabin biyan wata mai zuwa ruwa ne zai cinye. Abin da ya fi ciwo shi ne sabuwar sayayya, domin man fetur ɗin da ya sha gobe zai fara tara ruwa tun ranar, kullum ana lissafi.

Ko ya biya duka daga baya, ruwan kwanakin da ke tsakanin fitowar takarda da ranar biyan zai iya bayyana a takarda ta gaba. Wasu bankunan sai an biya cikakke wata biyu a jere suke maido da sassaucin.